Zuciya Ta Yi Rauni, Ƙoda Ta Riƙe Gishiri: Inda Ruwan Huhu da Kumburin Ƙafa Suke Fitowa

Duk wanda ya taɓa jinyar mai gazawar zuciya ya ga abin ɗaure kai da ke cikin wannan ciwo. An ce zuciya ce ba ta da lafiya, amma ƙafa ce ke kumbura, numfashi ne ke gagara, kuma maganin da likita ke fara rubutawa ba ya ko kusantar zuciya. Ƙwaya ce da ke sa mutum ya wuni yana zarya tsakaninsa da banɗaki. To ina ruwan ciwon zuciya da fitsari? Amsar tana wurin ƙoda. A ganina, wanda bai gane rawar da ƙoda ke takawa a nan ba, zai yi ta shan maganin da ka, bai san ranar da yake taimakonsa ba, bai san ranar da ya koma cutar da shi ba.

Mu fara da zuciyar. Babban mutum da ke zaune yana hutawa, zuciyarsa tana tura jini kusan lita 5 a kowane minti. Gida biyu ce a haɗe, dama da hagu, kowane ɓangare da ɗakin sama mai karɓar jini da ɗakin ƙasa mai turawa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya ɗauko iska. Na hagu yana karɓa daga huhu, ya tura wa sauran jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Tun da a jere suke kan hanya guda, dole abin da dama ta tura hagu ta kwashe, abin da hagu ta tura kuma dama ta karɓa.

Gazawar zuciya ita ce halin da zuciya ke ci gaba da bugawa amma ba ta iya biyan buƙatar jiki, ko kuma tana biya amma sai jini ya taru ya matse a bayanta tukuna. Iri biyu ne manya. Akwai zuciyar da tsokarta ta saki, ba ta matsawa da ƙarfi. Lafiyayyen ɗakin ƙasa na hagu yana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari na jinin da ke cikinsa a kowane bugu, kuma idan hoton zuciya da ake kira eko ya nuna kashi 40 ko ƙasa da haka, sai a ce matsawar ta ragu. Akwai kuma zuciyar da ta yi kauri ta sandare, tana matsawa daidai amma ba ta buɗewa ta karɓi jini cikin sauƙi. Abubuwan da ke kai mutum nan sanannu ne: hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi ba, toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, lalacewar marufan da ke tsakanin ɗakunanta, ciwon suga, yawan shan giya, da raunin tsokar zuciya da kan sami wasu mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa. Ko wace hanya aka biyo, wuri ɗaya ake ɓullowa: gaban zuciya jini ya yi ƙaranci, bayanta ya yi cunkoso.

Amma cunkoso kaɗai bai isa ya sa mutum ya ƙara kilo 6 ko 10 na ruwa ba. Jinin da ke jikin mutum gaba ɗaya bai wuce lita 5 ko makamancin haka ba. Daga ina ƙarin ya zo?

Ƙoda biyu suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, kuma su ne masu gadin yawan ruwan jiki. Sai dai ba su da idon da za su ga zuciya. Abin da suke ji kawai shi ne ƙarfin jinin da ke iso musu. Idan ya ragu, fassara ɗaya suke yi masa: jiki ya yi asarar jini ko ruwa, kamar wanda ya ji rauni yana zubar da jini, ko wanda gudawa ta tsotse. Nan take ƙoda ta saki wani sinadari mai suna renin, shi kuma ya haifar da anjiyotensin, wanda ke tsuke jijiyoyi ya tayar da ƙishirwa, sannan ya sa a saki aldositeron, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri. Ƙwaƙwalwa ma ta aiko da nata sinadarin mai hana fitar da ruwa. Ga wanda ya zubar da jini da gaske, wannan tsari shi ke ceton ransa. Ga mai raunin zuciya kuwa kuskuren fahimta ne mai tsada, domin jinin bai je ko'ina ba, yana nan jibge a bayan zuciya. Ƙoda ta ƙara ruwa, zuciyar da ta riga ta gaji ta sami ƙarin kaya, turawarta ba ta gyaru yadda ƙoda ke so ba, ƙoda ta sake ƙarawa. Haka abin ke ta juyawa.

Gishiri ne jigon lamarin, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Ruwan da ke cikin jini da wanda ke kewaye da ƙwayoyin halittar jiki yana ɗauke da gishiri kimanin giram 8 a kowace lita, kuma jiki ba ya yarda wannan ma'auni ya sauya. Saboda haka duk giram 8 na gishiri da ƙoda ta riƙe, sai ta riƙe lita guda ta ruwa tare da shi, lita guda kuwa kilo guda ce a kan sikeli. A ce mutum yana cin giram 10 na gishiri a yini, ƙodarsa kuma ta yarda ta fitar da giram 6 kacal. Ragowar giram 4 ɗin rabin lita ce kowace rana. Kafin mako ya zagayo ya ƙara kilo uku da rabi, alhali bai ƙara cin abinci ba, ƙila ma ya rage.

Saura tambayar inda ruwan zai zauna. Jijiyoyin jini mafi siranta, waɗanda ido ba ya gani, bangonsu yana yoyo da gangan, ta nan abinci da iska ke isa ga tsoka da fata. Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a kan wannan bango. Matsin jini yana tura ruwa waje, furotin ɗin da ke cikin jini, musamman albumin, yana janyo shi ciki. Masanin Ingila Ernest Starling ne ya bayyana wannan a 1896. Ɗan abin da ya fita ya rage a waje, wasu siraran magudanai da ke ratsa jiki su kwashe shi su mayar cikin jini. Muddin matsin bai wuce kima ba, wuri yana nan a tsane. Idan jini ya taru a baya matsin ya hau, abin da ke fita sai ya fi ƙarfin masu kwashewa. Kamar rafi ne da aka tare a wani wuri: ambaliyar ba a gaban tarewar take ba, gonakin da ke bayanta ne ke cika.

Bayan ɓangaren hagu huhu ne. Matsin da ke cikin siraran jijiyoyin huhu ƙarami ne ainun, bai cika wuce 12 ba a ma'aunin da ake awon hawan jini da shi. Idan ya kai wajen 18 zuwa 20, ruwa yakan fara tsattsafowa cikin naman huhun, tsakanin jakunkunan iska. A wannan mataki huhu ya yi nauyi ya ƙi buɗewa da sauƙi, sai mutum ya ga yana haki a tafiyar da a da ba ta dame shi ba. Idan matsin ya haura 25, ruwan yana iya kutsawa cikin jakunkunan iskar da kansu, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi, bangon kowace kuma ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Iska ba ta ratsa ruwa ta shiga jini yadda ya kamata. A nan ne ake ganin mutum zaune dungurgur yana fafutukar numfashi, gumi na keto masa, wani lokaci yana tari da kaki mai kumfa da ɗan ja-ja. Wanda ya daɗe da ciwon yakan jure matsin da ya fi haka, domin magudanan huhunsa sun faɗaɗa a hankali. Wanda abin ya auka wa farat ɗaya, kamar bayan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, ba shi da wannan gata.

Wannan ne ke bayyana abin da majinyata suka fi kuka da shi, wato dare. Mutum yana tsaye ko zaune, jini mai yawa yana can ƙasa a cikin ƙafafu da ciki. Da ya miƙe a kan gado, sai jinin ya gangaro ƙirji. Lafiyayyar zuciya za ta tura shi gaba ba tare da mai ita ya sani ba. Mai rauni ba za ta iya ba, sai ya tsaya a huhu. Shi ya sa likita ke tambayar filo nawa ake kwana a kai, kuma tambaya ce ta gaske, domin wanda ya tashi daga filo ɗaya zuwa uku, ko ya koma kwana a kujera, ruwa ne ke hawa. Akwai kuma wanda zai kwanta lafiya, bayan awa biyu ko uku ya farka a firgice kamar an shaƙe shi, ya nufi taga neman iska. Dalili shi ne ruwan da ya taru a ƙafafunsa da rana yana komawa cikin jini sannu a hankali idan ya kwanta, har ya kai adadin da zuciyar ba za ta iya ɗauka ba.

Bayan ɓangaren dama kuwa sauran jiki ne. Abin da ya fi gajiyar da dama shi ne gazawar hagu, tun da dama ce ke turawa cikin huhun da ya cunkushe, don haka yawanci ana ganin alamomin biyu tare. Jini ya taru a manyan jijiyoyin da ke dawo da shi, kuma ruwa gangare yake bi. Mai tafiya da ƙafarsa, idon sawu ne ke fara cika, ya fi yawa da yamma, ya ragu da safe, sannan ya hau ƙauri, gwiwa, cinya. Wanda ke kwance kullum, a ƙasan gadon bayansa ruwan ke taruwa, ƙafar tana iya zama a tsane har a zaci babu komai. Ana gane irin wannan kumburi da danna yatsa a kan ƙashin ƙauri na 'yan daƙiƙoƙi, idan an ɗaga sai a ga gurbin yatsan ya zauna. Abin lura shi ne kafin kumburi ya bayyana a ido, jiki ya riga ya tara lita biyu zuwa uku, ko fiye. Sikeli yana riga ido gani da kwanaki. Jijiyar wuya ma takan cika ta fito ko mutum yana zaune, hanta ta kumbura ta riƙa ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ciki ya tara ruwa, bangon hanji ya jiƙe, abinci ya fita daga ran mutum. A riƙe maganar hanjin nan, za ta dawo.

Ba kowane kumburin ƙafa ne na zuciya ba. Ciwon ƙoda da na hanta suna kawo shi, raunin jijiyoyin ƙafa yana kawo shi, har wani maganin hawan jini mai suna amlodifin yana kawo shi. Ƙafa ɗaya da ta kumbura ita kaɗai tana zafi, gudan jini ake fara zargi, kuma maganin fitsari ba zai yi mata komai ba.

Yanzu ga maganin. Kowace ƙoda tana da matattara ƙanana kusan miliyan guda, kowace da dogon siririn bututu a bayanta. A yini ɗaya suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, ɗauke da gishirin da ya kusa kilo ɗaya da rabi. Da duk wannan zai fita, mutum ba zai kai awa guda da rai ba. Bututun ne ke sake tsotse kashi 99 cikin ɗari ya mayar cikin jini, a bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka ta zama fitsari. Akwai wani lanƙwasa a tsakiyar bututun, wanda aka sa wa sunan masanin Jamus Henle, inda ake tsotse kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gishirin. Furosemid, wanda mutane da yawa suka sani da sunan kasuwa Lasiks, nan yake zuwa ya toshe ƙofar da gishiri ke bi ya koma. Gishiri ya wuce gaba, ruwa ya bi shi, fitsari ya yawaita. 'Yan uwansa bumetanid da torasemid aiki ɗaya suke yi, ƙarfin ne ya bambanta: miligiram 40 na ƙwayar furosemid daidai yake da kusan miligiram 1 na bumetanid. Kafin wannan magani ya shigo hannun likitoci a shekarun 1960, allurar da aka haɗa da sinadarin makuri mai guba ake yi wa mutane, kafin nan kuma har ƙananan bututu ake soka wa ƙafa don ruwan ya tsiyaye.

Maganin ba ya zuwa ƙafa ko huhu ya ɗebo ruwa. Daga cikin jini yake ragewa. Idan ruwan jini ya ragu, matsin siraran jijiyoyi ya sauka, ja-in-jar nan ta juya, ruwan da ke waje ya fara komawa ciki, ƙoda ta sake fitarwa. Wannan komawa tana da iyakar gudu. Idan aka matsa wa ƙoda ta fitar da sauri fiye da yadda ruwan ke dawowa, sai jijiyoyi su bushe alhali ƙafa tana nan a kumbure, mutum ya riƙa jin jiri, ƙodar kuma ta wahala. Saboda haka ga wanda ake sauke wa ruwa a gida, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a yini ake nema. Numfashi ne ke fara sauƙi, sau da yawa cikin awoyi. Ƙafa takan ɗauki kwanaki ko makonni.

Halaye biyu na furosemid sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne tushen yawancin ƙorafin cewa magani ya daina aiki. Na farko, daga cikin bututun ƙoda yake aiki, sai ƙodar ta zuba shi ciki tukuna, kuma sai ya kai wani adadi kafin ya fara komai. Ƙasa da wannan adadi tamkar ba a sha ba. Wanda aka rubuta wa ƙwaya ɗaya ya raba ta biyu don ya rage zaryar banɗaki, yana iya tashi a tutar babu, rabin safe bai kai ba, rabin yamma ma bai kai ba. Haka kuma wanda ƙodarsa ta raunana yana buƙatar adadi mafi yawa kafin abin da ke isa cikin bututun ya wadatar. Na biyu, aikinsa gajere ne. Ƙwayar tana farawa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ta gama cikin kamar awa 6. Sauran awa 18 na yini ƙoda ce ke da fili, kuma tana fitowa ne da yunwar gishiri, duk wanda ya shigo ciki sai ta kama. Mutumin da ya sha maganinsa da safe ya yi fitsari sosai, sannan ya ci abinci mai gishiri da dare, ya mayar da abin da ya fitar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba kowane babba shawarar kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da wanda ke ɓoye a cikin sinadaran ɗanɗano da abincin gwangwani. Mutane sun fi tsorata da ruwan sha, suna ƙirga kofi, alhali taƙaita ruwa zuwa lita ɗaya da rabi ko biyu wasu kaɗai ake ce wa, galibi masu ciwo mai tsanani ko waɗanda sodiyam ɗin jininsu, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ya faɗi.

Bari mu bi misalin mutum guda don a ga yadda waɗannan abubuwa ke haɗuwa. A ce dattijo ne mai shekara 62, hawan jini ya raunana masa zuciya, eko ya nuna kashi 30. Nauyinsa idan babu ruwa kilo 72 ne, yana shan furosemid miligiram 40 kowace safiya, yana zaman lafiya. Sai gwiwa ta dame shi, ya sayi daikulofenak ya riƙa sha. Wannan magani da ɗan uwansa ibufurofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, su sa ta riƙe gishiri, su kuma dakushe furosemid. Kwana uku nauyi ya haura 74. Da yana hawa sikeli kowace safiya, bayan fitsari kafin karin kumallo, da nan zai tsaya, domin ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 shi ne ƙa'idar da ake ce wa majinyaci ya nemi likitansa. Bai hau ba. Bayan kwana goma ya kai 78, takalmi ya ƙi shiga, filo ya zama uku.

Ya ƙara wa kansa ƙwaya ta biyu, fitsarin bai ƙaru ba. Ga maganar hanji ta dawo. Ko a lafiyayyen mutum, kusan rabin ƙwayar furosemid ne ke shiga jini, kuma adadin yana bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Idan bangon hanji ya jiƙe, maganin yana shiga a hankali ƙwarai, har ya kasa kai adadin nan da ake buƙata. A asibiti za a zaunar da shi a tsaye, a ba shi iskar oksijin idan ta jininsa ta yi ƙasa, a tsayar da daikulofenak, sannan a ba shi furosemid ta jijiya, a ce miligiram 80. Ta jijiya yana farawa cikin mintuna kaɗan, ba ruwansa da hanji. Za a auna fitsarinsa, ana fatan ganin mililita 100 zuwa 150 a kowace awa cikin awa shidan farko. Idan bai kai ba, a ninka. Idan har yanzu shiru, wani lokaci bututun ƙodar ne ya koyi dabara, sashen da ke gaba da lanƙwasar Henle ya ƙara ƙarfi yana kama gishirin da ya kuɓuto. Sai a ƙara wani magani kamar metolazon da ke toshe wancan sashen. Haɗin biyun yana da ƙarfi matuƙa, ba a yin sa sai ana bin jini da gwaji a kai a kai.

A ce dattijonmu ya amsa: kilo ɗaya da rabi ranar farko, sannan kilo guda kullum. Rana ta uku gwajin jini ya nuna fotasiyam ya sauka daga 4.2 zuwa 3.3, alhali ana son ya zauna tsakanin 3.5 da 5. Wannan shi ne farashin maganin da aka fi sani. Gishirin da ya wuce gaba a cikin bututu, ƙoda tana ƙoƙarin kama wani abu daga ciki ta hanyar musanya shi da fotasiyam, sai fotasiyam ya tafi cikin fitsari, maganiziyam ma haka. Ƙarancinsu yana kawo kasala da ɗaurewar tsoka, mafi muni kuma yana rikita bugun zuciya, musamman ga mai shan wani maganin zuciya mai suna digoksin. Za a cike masa, kuma mai yiwuwa a sa masa sifironolakton miligiram 25, wanda ke toshe aldositeron ya riƙe fotasiyam. Kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, yana iya ɗan hawa a wannan lokaci. Idan hawan kaɗan ne kuma mutum yana samun sauƙi, ba dalili ba ne na tsayawa da ruwa a jiki. Sallamar majinyaci da sauran ruwa don tsoron wannan lamba tana daga cikin abubuwan da ke dawo da mutane gadon asibiti cikin 'yan makonni. Shi dai an kai shi 72, an mayar da shi ƙwaya sau biyu, da safe da kuma tsakar rana, ba da yamma ba, don kada fitsari ya hana shi barci.

A nan ne nake ganin an fi yin kuskure. Furosemid shi ne maganin da majinyaci ke jin aikinsa a jikinsa, don haka shi yake riƙewa da daraja, sauran ƙwayoyin da ba ya jin komai idan ya sha su ne yake fara yarwa idan ya gaji. Alhali furosemid ruwan kawai yake kwashewa, bai taɓa raunin zuciyar ba, bai gyara kuskuren fahimtar ƙoda ba, hasali ma yana ƙara tunzura renin. Ba a tabbatar yana tsawaita rai ba. Waɗanda aka tabbatar suna rage mutuwa ga mai raunin matsawa rukuni huɗu ne: masu toshe hanyar anjiyotensin kamar lisinofiril da losatan da sabon haɗin sakubitiril da balsatan, masu sassauta bugun zuciya kamar bisofurolol da kabedilol, masu toshe aldositeron irin sifironolakton, da kuma dafagilifulozin da ɗan uwansa, waɗanda aka fara yi don ciwon suga. Babban gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 1999 ya nuna sifironolakton ya rage mutuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari ga masu ciwo mai tsanani, a adadin da bai isa ya sa fitsarin kirki ba. Amfaninsa daga kashe wancan saƙo na aldositeron yake. Idan waɗannan huɗu suka zauna daram, sau da yawa buƙatar furosemid tana raguwa, wasu har zuciyarsu takan farfaɗo a hoton eko.

Wannan ya kai mu ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa wa majinyata ba. Adadin da ya dace da dattijon nan ranar da aka sallame shi ba lallai ya dace da shi bayan wata biyu ba. A ce gudawa da amai sun kama shi, ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa duka saboda biyayya. Sikeli ya nuna 69. Bakinsa ya bushe, ƙishirwa ta dame shi, idan ya miƙe sai duhu ya rufe masa ido, fitsari ya ragu ya yi duhu. Yanzu ya bushe fiye da kima, kuma ƙodar da ba ta samun jini tana iya tsayawa. A wannan hali haɗarin fotasiyam ya juya: sifironolakton da lisinofiril suna riƙe shi, ƙoda ba ta fitarwa, sai ya hau zuwa inda zai iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ta gargaɗi ba. Shi ya sa ake shawartar mai irin waɗannan magunguna ya tuntuɓi likitansa a ranar da amai ko gudawa suka kama shi, domin yawanci ana dakatar da su na kwana ɗaya ko biyu har ya koma ci da sha. Zazzaɓi, tsananin zafi da yawan gumi, da doguwar ƙaurace wa ci da sha, duk suna iya jawo irin wannan. Dogon amfani da furosemid kuma yana iya tayar da ciwon gaɓa na gawut, wanda ya fi kama babban yatsan ƙafa, kuma tarkon a bayyane yake, domin maganin da mutum zai fara miƙa hannu ya ɗauka shi ne daikulofenak ɗin nan.

Saboda haka lamba ɗaya ce ya kamata kowane majinyaci ya sani kamar sunansa, wato nauyinsa idan babu ruwa, kuma ita ma a riƙa sabunta ta, domin mai doguwar jinya yakan rame, ruwa ya maye gurbin tsokar da ta zube, sikeli ya nuna 72 alhali kilo biyu a ciki ruwa ne. Wasu likitoci sukan ba majinyacin da ya fahimci ciwonsa rubutaccen izini ya ƙara ƙwaya ɗaya na kwana biyu ko uku idan nauyi ya haura, ya kira idan bai sauka ba. Wannan tsari na kumburi ne da hakin da ke hawa a hankali. Numfashin da ya gagara ana zaune, kaki mai kumfa, ciwon ƙirji, suma ko ruɗewa, ba a jiran ƙwaya ta yi aiki a kansu, domin ƙwaya tana buƙatar awa guda da lafiyayyen hanji, mai irin wannan hali kuwa allura ta jijiya da oksijin yake buƙata a cikin mintuna.